Yadda ake rubuta wa 'yan'uwa saƙon raba kuɗin jinyar mahaifi

Idan mahaifi ya kwanta ciwo, yawanci mutum ɗaya ne cikin 'ya'yansa yake tsintar kansa a bakin tagar biyan kuɗi, wato wanda ya fi kusa da gida. Sauran suna kira suna tambayar jiki, wani ya turo dubu ashirin, wani ya ce zai gani a ƙarshen wata. Kafin a ankara an shafe wata biyu nauyin yana kan mutum ɗaya, zuciyarsa ta fara ɗaci. Wannan bayani na wanda yake cikin wannan hali ne, namiji ko mace, da yake son ya aika wa 'yan'uwansa saƙo ɗaya da zai sa a raba nauyin bisa adalci ba tare da an ɓata zumunci ba.

Za mu bi misali ɗaya har ƙarshe. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki sakamakon hawan jini, ya yi kwanaki a asibiti, an sallamo shi gida, yanzu sai magani da gashi. 'Ya'yansa shida ne daga ɗaki biyu. Kuɗaɗen da za ka gani na misali ne kawai, kai ka sa naka na gaskiya.

Abin da za ka tanada kafin ka rubuta komai

- Duk rasiɗin asibiti da na kemis, da shaidar kuɗin da ka tura ta waya.
- Takardar magani ta ƙarshe da likita ya rubuta, da katin ranar komawa asibiti.
- Littafi ɗaya na musamman da biro. Kada ka haɗa shi da lissafin shago ko na cefane.
- Asusun banki da ba ka amfani da shi wajen harkokinka na yau da kullum.
- Sabon zauren WhatsApp na 'ya'yan Baba kaɗai.
- Yardar Baba idan yana iya magana, ko ta iyayenku mata idan ba ya iyawa.

Idan wasu rasiɗan sun ɓace, koma kemis ɗin da ka saba saye su rubuta maka farashin maganin, ka kuma duba tarihin asusunka na banki. Abin da ba ka da wata shaida a kansa, rubuta shi daban ka sa masa «ƙiyasi». Gara 'yan'uwa su ga ka ware shi da kanka da a ce wani ne ya gano.

Mataki na 1: Raba kuɗin gida biyu

Akwai kuɗin da aka riga aka kashe, akwai wanda za a riƙa kashewa duk wata. Kada ka cakuɗa su. Wanda ya ga jimla ɗaya mai kauri sai gabansa ya faɗi, ya ajiye wayar ya ce sai an jima.

A misalinmu, kwanciyar asibiti da hoton ƙwaƙwalwa da gwaje-gwaje da maganin farko sun ci naira 420,000. Kai ka biya 300,000, Babban Yaya ya biya 120,000. Wannan shi ne kuɗin baya.

Na wata-wata kuwa ga yadda yake:

- Maganin hawan jini da sauran magunguna: 45,000
- Gashi sau biyu a mako, sau 8 a wata, kowane 5,000: 40,000
- Kuɗin mota, zuwa gashi sau 8 da ganin likita sau 1, kowane 3,000: 27,000
- Famfas na manya, safar hannu, sabulu da ledar shimfiɗa: 38,000
- Ganin likita da gwajin jini: 10,000

Jimla 160,000. Ƙara 20,000 na ko-ta-kwana, ya zama 180,000. Kada ka tsallake wannan ƙarin. Farashin magani yana tashi ba sanarwa, kuma mai shanyewar jiki kan kamu da ciwon fitsari ko na ƙirji da zai sa a koma asibiti cikin dare. Idan babu ajiya, kai ne za ka sake cikawa daga aljihunka.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mantawa da ƙananan abubuwa. Mutum ya rubuta magani da gashi, ya bar kuɗin adaidaita da famfas don yana jin kunyar lissafa su. A jerin da ke sama waɗannan biyun sun kai 65,000, sun haura kuɗin maganin kansa.

Mataki na 2: Cire abin da Baba yake da shi

Kafin a juya kan 'ya'ya, a duba abin hannun mai jinyar. Yana da fansho? Yana karɓar kuɗin haya? Yana cikin tsarin inshorar lafiya, na hukumar NHIA ta tarayya ko na jiha, kamar KSCHMA a Kano? Idan yana ciki, je da katinsa asibitin da aka yi masa rajista ka tambayi abin da tsarin yake ɗauka da wanda ba ya ɗauka. Idan a asibitin koyarwa ake duba shi, leƙa ofishin jin daɗin marasa lafiya ka ji ko akwai rangwame.

A misalinmu Baba yana da fansho, ya kuma yarda a riƙa cire 30,000 duk wata, sauran a bar wa matansa na cefane. Abin da ya rage wa 'ya'ya ke nan 150,000.

Kada ka taɓa kuɗinsa ba da saninsa ba, ko da katin cirar kuɗinsa yana hannunka. Kada kuma ka sa maganar sayar da fili ko gona a cikin wannan saƙon. A gidan da ake da 'yan uba, wannan magana kaɗai ta isa ta mayar da zancen jinya ya koma zancen gado tun mai dukiyar yana raye. Idan har sayarwar ta zama dole, zama na daban ake yi mata, da bakin Baba da shaidu.

Mataki na 3: Zaɓi ma'aunin rabo

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi samun saɓani.

Abin da ke fara zuwa wa mutum shi ne a raba daidai wa daida: 150,000 gida shida, kowa 25,000. A takarda ya yi kyau, amma duba mutanen. Babban Yaya yana da shago a Kantin Kwari. Babbar Yaya malamar firamare ce mai albashin 90,000, tana da yara. Kai ma'aikaci ne mai ɗaukar 180,000. Ƙanenka yana aikin kamfani a Legas. Ƙanwarka tana gidan miji ba ta da sana'a. Auta ɗalibi ne. Dubu ashirin da biyar cinikin yini ne a wajen Yaya, a wajen malamar kuwa ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na albashinta, Auta kuma ba shi da inda zai samo. Rabon da mutum uku ba za su iya biya ba zai rushe a wata na biyu.

Malamanmu na Malikiyya sun tattauna wannan mas'ala tun da daɗewa. Ciyar da iyayen da ba su da hali wajibi ne a kan 'ya'yansu masu hali, maza da mata. Game da yadda za a raba, Muhtasar na Shehu Halil ya kawo maganganu uku: bisa yawan kawuna, bisa rabon gado, ko bisa gwargwadon wadatar kowa. Ta ukun ce aka fi rinjayarwa, kuma ita ce take ɗorewa a aikace. Sanin wannan yana da amfani, domin za ka gamu da mai cewa mata ba ruwansu, ko mai cewa lallai namiji ya biya ninkin mace. Amsarka ita ce ana duba ƙarfin aljihu ne. 'Ya mace mai kasuwanci tana iya ɗaukar fiye da yayanta da ba shi da aiki.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta hannu, irin na adashi, inda wani yake shiga da hannu ɗaya, wani da uku. Raba 150,000 zuwa hannu goma, kowane hannu 15,000:

- Babban Yaya, hannu 4: 60,000
- Ƙane na Legas, hannu 3: 45,000
- Kai, hannu 2: 30,000
- Babbar Yaya, hannu 1: 15,000

Lura cewa kai da malamar kowa ya bayar da kashi ɗaya cikin shida na albashinsa. Amfanin hannu shi ne ba sai ka tambayi kowa nawa yake samu ba, tambayar da ba wanda yake son ta. Sannan idan kason 'ya'ya na wata ya tashi zuwa 170,000, ba a sake zaman rabo, hannu ne kawai zai koma 17,000.

Saura mutum biyu da ba su da kuɗi. Kada ka bar sunansu a waje, kada kuma ka rubuta musu sifili. Jinyar mai shanyewar jiki aiki ne mai nauyi: juya shi duk bayan awa biyu don kada kwanciya ta yi masa gyambo, canza masa famfas, ba shi abinci a zaune a hankali don kada ya shaƙe, tabbatar da ya sha magani kan lokaci, motsa masa gaɓoɓi kamar yadda mai gashi ya nuna. Da za a ɗauko wani ya yi, sai an biya shi albashi. Don haka rubuta: ƙanwa tana zuwa yini uku a mako ta karɓi iyayenku mata su huta, da iznin mijinta, Auta yana kwana da Baba, shi ne kuma mai kai shi gashi. Wannan shi ne kasonsu, kuma a faɗe shi a fili yadda mai turo kuɗi daga nesa ba zai ɗauka shi kaɗai yake ɗawainiya ba. Kuɗin motar ƙanwa ya fito daga asusu, kada a bar wa mijinta.

Kuɗin baya ma da hannun za a raba shi. 420,000 gida goma, hannu 42,000. Na Yaya 168,000, ya riga ya ba da 120,000, saura 48,000. Na ƙane 126,000. Na Babbar Yaya 42,000. Naka 84,000, ka ba da 300,000, kana bin 216,000. A shimfiɗa shi wata shida: Yaya 8,000 a wata, ƙane 21,000, Babbar Yaya 7,000. Idan kana da halin yafe wani ɓangare, musamman na Babbar Yaya, yafe, amma bayan ka nuna lissafin. Idan kuma rance ka ci ka biya, faɗi haka kai tsaye da ranar da aka sa maka.

Mataki na 4: Kira kowa shi kaɗai kafin ka tura

Kada wani ya fara ganin adadin da aka sa masa a gaban jama'a. Fara da Babban Yaya, ka je ka same shi in yana gari. Ka ce: «Yaya, na haɗa lissafin jinyar Baba, ina so ka duba ka gyara min kafin sauran su gani.» In ya yarda saƙon ya fita da sunansa ko da amincewarsa, rabin aikin ya ƙare, domin ƙane ba ya yanka wa yayyensa haraji a ji daɗi.

Daga nan ka kira sauran ɗaya bayan ɗaya. Tambayar ita ce: «Hannu nawa za ka iya riƙewa duk wata ba tare da ka takura ba?» Mai yiwuwa wanda kake gani da mota yana fama da bashi, in ka tambaye shi a keɓe zai faɗa maka. Ka fi son hannu biyu da za su riƙa shigowa kan kari a kan hannu huɗu na jin kunya da za su tsaya bayan wata ɗaya.

Idan 'yan ɗaki biyu ne, nemi mutum ɗaya daga ɗaya ɗakin ya zama abokin lissafinka. Kai ka riƙe kuɗi, shi ya riƙe littafi, ko akasin haka.

Mataki na 5: Rubuta saƙon

Ya ƙunshi abu shida a jere: gaisuwa da halin da Baba yake ciki, abin da aka kashe, abin da ake buƙata duk wata, shawarar rabo, inda za a tura da ranar turawa, sai ranar da kake jiran amsa. Ga yadda zai kasance:

«Assalamu alaikum. Yaya, Anti, da ƙannena, ina fata kowa yana lafiya da iyali. Ya mai jiki? Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Jikin nasa da sauƙi, ya fara zama da kansa, amma hannu da ƙafar dama ba su dawo ba tukuna. Likita ya ce kada a yi wasa da magani, kuma a ci gaba da gashi sau biyu a mako.

Na zauna da Yaya mun duba lissafi. Kwanciyar asibiti ta ci 420,000. Yaya ya ba da 120,000, na ba da 300,000. Hotunan rasiɗai suna biye da wannan saƙo.

Daga yanzu ana buƙatar 180,000 duk wata: magani 45,000, gashi 40,000, mota 27,000, famfas da kayan tsafta 38,000, likita da gwaji 10,000, ajiya 20,000. Baba ya yarda a cire 30,000 daga fanshonsa. Saura 150,000 a kanmu.

Shawarar da muka kawo ita ce a raba hannu goma, kowane 15,000, kowa gwargwadon ƙarfinsa, kamar yadda na yi magana da kowannenku: Yaya 4, ƙanenmu na Legas 3, ni 2, Anti 1. Ƙanwarmu za ta riƙa yini da Baba Litinin, Laraba da Asabar. Auta zai riƙa kwana da shi da kai shi gashi. Wannan ɗawainiya tasu ba ta gaza ta kuɗi ba, Allah ya saka musu.

Kuɗin baya ma mu raba shi a kan hannun nan cikin wata shida. Na sa lissafinsa a hoto na ƙarshe.

A riƙa turawa asusun da zan sa a ƙasa kafin ranar 5 ga kowane wata, domin ranar 7 ake sayen magani. Duk ƙarshen wata zan sa abin da ya shigo da abin da ya fita.

Wannan shawara ce. Wanda ya ga gyara, ko abin ya yi masa nauyi, ya kira ni ko Yaya kafin Juma'a. Allah ya ba mu ikon yi musu, ya bar zumunci.»

A saƙonka na gaske ka kira kowa da sunan da ake kiransa a gida.

Akwai kalmomin da ke kashe saƙo irin wannan. «Ni kaɗai aka bar wa», «ba ni kaɗai ya haifa ba», «wasu ko kira ba sa yi». Ko da gaskiya ne, da zarar ka rubuta su an daina duba lissafi an koma kare kai. Kada ka tono tsohon zance, wa aka biya wa makaranta, wa aka yi wa aure. Kada ka jero ayoyi da hadisan biyayya ga iyaye, sun san su, kuma za su ji kamar ana musu wa'azi. Kada ka sa hoton Baba a kwance don ka motsa zuciya. Mutuncinsa ne, hoto kuma ba ka san wayar da zai ƙare ba.

Mataki na 6: Tura shi inda ya dace, a lokacin da ya dace

Tura a zauren 'ya'ya kaɗai. Babban zauren dangi mai surukai da 'ya'yan baffanni ba wurinsa ba ne, nan tonon asiri zai zama. Lokaci mai kyau shi ne bayan sallar Isha'i, kusa da ƙarshen wata, lokacin da albashi ya kusa shiga. Idan ranka a ɓace yake, rubuta ka ajiye, ka sake karantawa da safe.

Wanda ba ya karanta boko, karanta masa saƙon da murya yadda yake, kada ka ƙara kada ka rage, amma rubutaccen ya zauna a zauren saboda shi ne abin komawa. Wanda ba shi da babbar waya, kira shi, sannan ka tura masa adadinsa da ranar biya ta gajeren saƙo. Wanda yake Saudiyya ko Nijar ko wata ƙasa, a tsayar da kasonsa da naira, shi ya san yadda zai canza. In ba haka ba, duk motsin da canji ya yi sai an yi gardama.

Mataki na 7: Riƙe amana bayan an fara

Duk ƙarshen wata sa layi huɗu a zauren: abin da ya shigo da sunan kowa, abin da ya fita, abin da ya rage, da hotunan rasiɗi. Yi haka ko ba wanda ya tambaya. Watan da ka daina, watan ne zargi zai fara.

Idan kuɗi bai cika ba, akwai abin da ake fara biya. Maganin hawan jini ne farko, ba a tsallake shi ko na kwana biyu, domin jinin da ya sake hawa yana iya jawo shanyewa ta biyu. Sai kayan tsafta, sai gashi. In dole a rage zuwa gashi, roƙi mai gashin ya koya wa Auta motsa jikin da za a riƙa yi a gida, amma ka sani watannin farko ne jiki ya fi karɓar gashi, don haka kada a taɓa shi sai bayan an cinye ajiya. Ka kuma tambayi likita ko akwai irin maganin mai rahusa da ke aiki iri ɗaya. Kada ka canza da kanka a kemis.

Wanda ya makara, tuna masa a keɓe ranar 6, kada a zaure. Wanda ya yi shiru wata biyu, Yaya ya kira shi. In ya ce hali ne ya canza, a rage masa hannu, sauran su raba. In kuma yana da hali ya ƙi, a kai maganar gaban baffa ko gwaggo da yake jin nauyinsu. Kada a kai wa Baba ƙara yana kwance, tashin hankali ba ya yi wa mai hawan jini kyau.

Abu biyu sukan taso daga baya. Wani zai ce a lissafa kasonsa cikin zakkarsa. Ba a ba iyayen da ciyar da su ya wajaba a kanka zakka, don haka wannan bai yi ba. Wani kuma zai ba da kuɗi mai yawa yana nufin bashi ne da za a fitar masa daga dukiyar Baba. In haka ne, ya faɗa tun yanzu, Baba ya sani, a tambayi malami, a rubuta da shaidu biyu kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni. Abin da ba a rubuta shi bashi ba, kowa ya ɗauke shi a matsayin ciyarwa.

Bayan wata uku a sake duba lissafin gaba ɗaya. Wataƙila Baba ya daina buƙatar famfas, wataƙila likita ya ƙara magani, wataƙila Auta ya samu aiki zai iya karɓar rabin hannu, 7,500, a nemo wanda zai karɓe shi kwanan dare biyu a mako. Sa ranar wannan dubawa a cikin littafi tun yau, ka kuma sanar da ita a zauren.